Tarar makara da kuɗin ruwa a harajin kamfani: yadda ake lissafa su da yadda ake neman sassauci

Takardar neman biyan bashi da hukumar haraji ke aiko wa kamfani tana zuwa da jimilla guda a ƙasa, kuma a kanta idon mai kamfani ke fara sauka. Amma wannan jimillar bashi huɗu ce a haɗe: asalin harajin da ba a biya ba, tarar rashin miƙa bayanan haraji a kan lokaci, tarar rashin biya a kan lokaci, sai kuɗin ruwa. Kowane ɗaya da abin da ke tsayar da shi, kowane ɗaya kuma da ƙofar da ake bi a nemi a rage shi. Wanda ya ɗauki jimillar a dunƙule ya nufi ofis yana roƙo, yawanci yakan dawo da ita yadda take, wani lokacin ma ta ƙara ƙiba.

Maganar a nan ta shafi kamfani mai rajista a Najeriya, wanda hukumar tara haraji ta tarayya ke kula da harajinsa. Hukumar da aka sani da FIRS ita ce ta koma NRS, bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan sababbin dokokin haraji huɗu a ranar 26 ga Yuni, 2025, aka fara aiki da dokar tafiyar da haraji daga 1 ga Janairu, 2026. In kasuwancinka rajistar sunan kasuwanci kawai gare shi, ba kamfani ba ne, to harajin ribarka na hukumar jiharka ne, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna. Haka ma harajin albashin ma'aikata. Matakan kusan ɗaya ne, ofishin ne ya bambanta.

Ka fara sanin ranar da ka saɓa

Duk lissafin yana rataye ne a kan rana ɗaya, wato ranar ƙarshe da doka ta ba ka. Kamfani yana da wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa ya miƙa bayanan harajin riba, ya kuma biya. Wanda ke rufe littafi a 31 ga Disamba, wa'adinsa 30 ga Yuni ne. Harajin VAT kuwa na wata-wata ne: cinikin kowane wata ana miƙa bayaninsa a biya kafin 21 ga watan da ke biye ta wuce. Harajin albashi ana tura wa jiha zuwa 10 ga wata mai biye, bayanin shekara na ma'aikata kuma zuwa 31 ga Janairu.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, miƙa bayani da biyan kuɗi wajibai biyu ne daban. Kamfanin da ya yi asara, ko ƙaramin kamfanin da doka ta ɗauke wa harajin riba, bai tsira daga miƙa bayanin shekara ba. Ba kwabo a kansa na haraji, amma tarar shiru tana hawa kansa wata bayan wata.

Yadda bashin ke girma

Tarar rashin miƙa bayani ba ruwanta da girman harajinka. A sabuwar doka naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 a kowane wata da aka ci gaba da saɓawa. A da, ta harajin riba naira 25,000 ce a watan farko da 5,000 a kowane wata bayansa, shi ya sa wasu akantoci suka saba yi mata riƙon sakainar kashi. Ta VAT kuma a da 50,000 da 25,000 ce, tun gyaran dokar kuɗi ta 2019. Wanda har yanzu yake lissafi da tsoffin alƙaluman nan zai sha mamaki.

Tarar rashin biya ita ce kashi 10 cikin ɗari na harajin da ya makara. Tana faɗowa ne gaba ɗaya da zarar wa'adi ya wuce, makarar kwana biyu da ta wata biyar duk kashi 10 ne.

Kuɗin ruwa shi ne mai tafiya kullum. Ana ɗora shi a kan ma'aunin ruwa na Babban Bankin Najeriya, wanda ake kira MPR, a ƙara masa wani kaso da ministan kuɗi ke tsayarwa. Sanarwar da aka fitar a 2017 ta sa ƙarin ya zama 5. A watan Satumban 2025 ma'aunin Babban Banki 27 ne cikin ɗari, ke nan ruwan bashin haraji ya kama 32 cikin ɗari a shekara. Ma'aunin yana hawa yana sauka, don haka ka duba wanda aka rubuta a takardarka, amma da 32 ɗin za mu yi misali.

Mu ɗauki kamfanin sayar da kayan gini a Kano, mai rufe littafi a Disamba. Ribar da za a ɗora wa haraji ta kama naira miliyan 10, harajin kashi 30 ya zama miliyan 3. (Akwai harajin raya ƙasa da ke tafiya tare da shi, na ajiye shi gefe don kada lissafin ya cushe.) Wa'adi 30 ga Yuni. Gobara ta taɓa shagon a watan Mayu, ta ci wani sashe na kaya da takardun sayayya, odita bai iya kammala aikinsa ba, kuɗin da aka tanada kuma ya tafi gyaran rufi da sake zuba kaya. Ba a miƙa bayani ba, ba a biya ba, sai 28 ga Oktoba.

Tarar shiru ta ci Yuli, Agusta, Satumba da Oktoba: 100,000 da 50,000 sau uku, jimilla 250,000. Tarar rashin biya, kashi 10 na miliyan 3, ita ce 300,000. Daga 30 ga Yuni zuwa 28 ga Oktoba kwana 120 ne, ruwan kuma haka yake fita:

```
3,000,000 × 0.32 × 120 ÷ 365 = 315,616
```

Ƙarin gaba ɗaya ya kama naira 865,616 a kan bashin miliyan 3. Ruwan kaɗai yana cin kusan naira 2,630 a kowace rana, har da Juma'a da Lahadi da ranar Sallah.

Yanzu ka lura da wani abu. Da mai kamfanin nan ya samu ya miƙa bayanansa a kan lokaci, ko da babu kuɗin biya a hannunsa, da 250,000 ɗin nan ba ta taso ba sam. Da kuma ya tura ko miliyan ɗaya kafin 30 ga Yuni, da kashi 10 da ruwan duk a kan miliyan biyu za su hau. Mutane kan ƙi miƙa bayani saboda ba su da kuɗi, suna ganin miƙawar kamar kai kai ga hukuma ne. Hukumar ta riga ta san da kai tun ranar da ka yi rajista, shirun ƙarin tara kawai yake jawowa.

A VAT abin ya fi muni, domin kowane wata bayaninsa daban, tararsa daban, kuma suna tafiya tare. A ce kamfanin da VAT ya wajaba a kansa ya bar bayanin Maris, Afrilu da Mayu, bai miƙa ba sai 20 ga Yuli. In an ƙirga da watannin kalanda, na Maris ya makara a Afrilu, Mayu, Yuni da Yuli, 250,000 ke nan. Na Afrilu 200,000, na Mayu 150,000. Naira 600,000 ta taru, ko da shagon a kulle yake bai sayar da ƙusa ɗaya ba. Watan da ba a yi ciniki ba ana miƙa bayanin da ke nuna sifili, aikin mintuna kaɗan ne a shafin hukumar.

Ga kuma wani ɗaci: tarar haraji ba ta shiga cikin kuɗaɗen gudanar da kasuwanci da ake cirewa kafin a lissafa riba. Daga aljihun ribar da ta rage take fita.

Mataki na farko: ka tsayar da agogo

Kafin ka rubuta wa kowa wasiƙa, ka miƙa duk bayanan da suka makara. Ka shiga asusun kamfanin a shafin hukumar na intanet, ka duba kowane nau'in haraji wata bayan wata, ka ga inda aka bar gurbi. Kada ka dogara da maganar baki. Ba sau ɗaya ba, mai kamfani yakan tambayi yaron da ke masa takardu, ya ce masa "Alhaji, an gama komai," alhali abin da aka gama shi ne cike takardar, ba a danna turawa ba. Shaidar miƙawa ita ce takardar da shafin ke fitarwa mai ɗauke da rana da lamba. In babu ita, ba a miƙa ba. Kuma lambar sirrin shiga asusun ta kasance a hannun mai kamfani, da imel ɗin da hukumar ke aiko saƙo ta cikinsa. Kamfanoni da yawa sun rasa wa'adi ne saboda sanarwa ta faɗa imel ɗin akantan da ya bar aiki tun bara.

Da an miƙa, tarar wata-wata ta tsaya cak. Saura ruwa, shi kuma biyan asalin haraji ne kaɗai ke tsayar da shi.

Mataki na biyu: ka biya asalin harajin, ko abin da ya sawwaƙa daga ciki

Kafin ka fitar da tsabar kuɗi, ka duba ko kana da ajiya a wurin hukumar. Kamfanin da ke kai wa gwamnati ko manyan kamfanoni kaya ana cire masa wani kaso na haraji tun daga tushe kafin a biya shi. Wannan kuɗin naka ne, ana rage shi daga harajin riba, muddin wanda ya cire ya tura wa hukumar da lambar harajinka. In mai kayan ginin nan yana da irin wannan ajiya ta naira 800,000 tun kafin wa'adi, to ainihin abin da ya makara miliyan 2.2 ne, kuma a kansa ya kamata a lissafa tara da ruwa. In ajiyar ba ta fito a asusunka ba, ka bi wanda ya cire ya ba ka shaidar turawa.

Wajen biya, ka fitar da lambar biya daga shafin don nau'in harajin da shekarar da ake magana a kai. Kuɗin da aka tura a kan VAT alhali harajin riba ake nufi, ko a kan wata shekara daban, yana nan a wurin hukumar amma bashinka bai motsa ba, ruwa na ci gaba da hawa har sai an rubuta an nemi a gyara.

In ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ka biya abin da ka iya, ka rubuta wa ofishinka kana neman a amince ka biya sauran kashi-kashi, da ranaku da adadin kowane kashi. Ka sa abin da ka tabbata za ka iya cikawa. Alkawarin wata uku da aka karya ya fi na wata shida da aka cika ɓata maka suna a fayil. Ka sani kuma ruwa bai daina hawa kan ragowar ba don an amince maka.

Dalilin da ya sa biyan asali ke gaba da roƙo a bayyane yake a tarihin yafiyar da hukumar ta taɓa yi. Shirin VAIDS, wanda ya fara a Yulin 2017 ya ƙare a ƙarshen Yunin 2018, ya yafe tara da ruwa ne ga waɗanda suka fito da kansu suka bayyana abin da ke kansu suka biya. A Disambar 2023 ma, FIRS ƙarƙashin Zacch Adedeji ta sanar da yafe tara da ruwa baki ɗaya, da sharaɗin a biya asalin bashin kafin 31 ga watan. A duka biyun, biyan asalin bashin shi ne sharaɗi. Sai dai ban ba kowa shawarar ya zauna jiran irin wannan sanarwa ba, don ba ta da lokaci, ruwa kuwa ba ya jira.

Mataki na uku: ƙin amincewa kake yi, ko roƙo?

A nan ne aka fi yin asara, don haka zan ɗan daɗe.

Hanyoyi biyu ne, kuma ba sa maye gurbin juna. Ta farko ita ce ka ce wa hukumar lissafinta ba daidai ba ne. Ta biyu ita ce ka ce lissafin daidai ne, amma ga uzurinka, a sassauta maka. Ta farko haƙƙinka ce a doka, tana da wa'adi. Ta biyu alfarma ce, hukumar na iya yi, tana iya ƙi.

Wa'adin ƙin amincewa kwana 30 ne daga ranar da takardar ƙiyasin haraji ta iso gare ka. In suka wuce ba ka rubuta ba, ƙiyasin ya zama tabbatacce, ko da kuwa akwai kuskure a cikinsa. Abin da ke faruwa shi ne, mai kamfani yakan karɓi takarda, ya shafe makonni yana zirga-zirga, yau wurin wannan jami'i, gobe a haɗa shi da wani da ya san wani, ana ce masa "kada ka damu, ranka ya daɗe, za a duba." Duk wannan maganar baka ce, ba ta tsayar da kwana 30 ɗin. Ranar da ya farga, ƙofar da doka ta buɗe masa ta rufe, saura ta alfarma kawai.

Saboda haka ranar da takarda ta zo, ka rubuta kwanan watan a bayanta, ka adana ambulan ɗin ko saƙon imel ɗin, sannan ka zauna da akantanka ku bi ta layi-layi. Ku duba ranar da aka fara ƙirga makara, ko ta dace da ranar rufe littafinku, domin kamfanin da ke rufewa a Maris wa'adinsa Satumba ne, ba Yuni ba. Ku ƙirga watannin tarar da kanku. Ku duba ko an cire abin da kuka riga kuka biya da ajiyar da aka cire muku daga tushe. Ku duba ma'aunin ruwan da aka yi amfani da shi da adadin kwanakin. In makarar ta tsofaffin shekaru ce, ku duba da wace doka aka lissafa tarar, tsohuwa ko sabuwa, don tazarar da ke tsakanin 5,000 da 50,000 a wata ba ƙarama ba ce, kuma abu ne da ya cancanci a tayar da shi a rubuce.

Akwai kuma ƙiyasin da hukumar ke yi da kanta idan kamfani ya yi shiru. Takan duba kuɗin da ya shiga asusun banki ko wasu bayanai, ta yanke haraji bisa abin da ta ga ya dace. Irin wannan ƙiyasi yakan zarce gaskiya nesa ba kusa ba, domin rancen da aka karɓa da kuɗin da mai kamfani ya zuba daga aljihunsa duk sukan fito kamar ciniki. Maganinsa ƙin amincewa a cikin wa'adi, tare da cikakken lissafin da odita ya sa wa hannu.

Takardar ƙin amincewa ba ta wadatar da a ce "ba mu yarda ba." Sai ka faɗi wane layi ne ba daidai ba, me ya sa, nawa ne daidai a lissafinka, ka haɗa shaida, ka kuma biya abin da ka yarda yana kanka. Sabuwar doka ta ba hukumar kwana 90 ta amsa. In ta ƙi gyarawa, za ta ba ka takardar ƙin gyara, daga nan kana da wasu kwana 30 ka kai ƙara kotun sauraron ƙararrakin haraji. Tana da zama a Kaduna don arewa maso yamma, Bauchi don arewa maso gabas, Jos don arewa ta tsakiya, da kuma Abuja. In an kai nan, ya kamata ka nemi lauya ko ƙwararren mai ba da shawara kan haraji.

In takardar tana da kuskure kuma kana da uzuri, ka rubuta wasiƙa biyu daban. Ta ƙin amincewa ta fara tafiya. Kada ka cusa roƙo a cikinta, kada wanda zai karanta ya ɗauka ka amsa bashin duka.

Mataki na huɗu: wasiƙar neman sassauci

Ikon yafe tara yana cikin doka. Sashe na 32 na dokar kafa FIRS ta 2007 ya ba hukumar damar yafe ƙarin, duka ko wani sashe, idan an nuna ƙwaƙƙwaran dalili, sabuwar dokar ma ta riƙe wannan iko. Dokar ba ta jero dalilan ɗaya bayan ɗaya ba, amma a aikace abin da ke da nauyi shi ne abin da ya fi ƙarfinka, ya faru a daidai lokacin, kuma akwai takardar da wani ya bayar a kansa. Gobara da rahoton hukumar kashe gobara. Ambaliya. Rashin lafiya mai tsanani ko rasuwar wanda shi kaɗai ke sa hannu a asusun kamfani, da takardar asibiti. Rikicin da ya sa aka rufe kasuwa. Matsalar shafin hukumar a ranar ƙarshe, in ka ɗauki hoton allon mai nuna rana da lokaci, ka kuma aika musu saƙo a ranar.

"Ban san doka ba" ba ya tasiri. "Akantana ne ya yi sakaci" ma haka, don a idon doka nauyin na kamfani ne. "Kasuwa ba ta tafiya" shi kaɗai rauni gare shi, musamman a VAT da harajin albashi, inda kuɗin ba na kamfani ba ne tun asali, na mutane ne da aka karɓa amana don a miƙa wa gwamnati. Wanda ya karɓi VAT a hannun masu saye ya juya shi a kasuwa, da wuya a tausaya masa, kuma dokar ta tanadi hukunci mai tsanani a kan riƙe irin wannan kuɗi, har da gurfanarwa a kotu.

Wasiƙar da Turanci ake rubuta ta, a kan takardar kamfani mai tambari, zuwa ga shugaban hukumar ta hannun shugaban ofishin da fayil ɗinka yake. Shafi ɗaya ko ɗaya da rabi ya isa. Ta mai kayan ginin nan za ta fara da sunan kamfani, lambar haraji, nau'in harajin, shekarar, da lambar takardar da aka aiko. Sai ta faɗi abin da ya faru da kwanan wata: gobara ranar kaza ga Mayu, ta ci takardun sayayya na wata kaza zuwa kaza, an nemi kwafi daga dillalai da banki, odita ya kammala ranar kaza ga Oktoba, an miƙa an biya miliyan 3 cif ranar 28. Wannan jerin ranakun shi ne zuciyar wasiƙar, domin tambayar da mai dubawa zai yi ita ce: gobarar Mayu ta hana ka a Yuni, mun ji, to me ya hana ka a Agusta da Satumba? Duk watan da ba ka yi bayaninsa ba, tararsa na nan.

Bayan haka ta nuna tarihin kamfanin, cewa shekarun baya an miƙa an biya a kan lokaci, da kwafin rasit. Ta faɗi abin da aka gyara, misali yanzu ana ajiye kwafin takardu a wani wuri daban da shago. Sai roƙon kansa, a fayyace da alƙaluma: a yafe tarar 250,000, a yafe ta 300,000, a kuma duba ruwan 315,616. Raba su yana da amfani, don mai yanke hukunci ya samu damar ba ka wani ko da ya hana ka wani. A ganina tara ta fi ruwa sauƙin samun yafiya, saboda tara horo ce, uzuri na iya kawar da ita, ruwa kuwa hukumar na kallonsa a matsayin diyyar kuɗinta da ya kwana a hannunka. Mai kayan gini zai fi ƙarfi a kan tarar shiru, tunda takardu sun ƙone. A kan rashin biya hujjarsa ta fi rauni, don za a ce ai ya iya ƙiyasta harajin ya tura wani abu.

Ka kai kwafi biyu. A teburin karɓar wasiƙu za a buga wa naka hatimi mai kwanan wata, jami'in ya sa hannu a kai. Ka tsaya ka ga an buga, ka duba ranar ta fito sosai, don tawadar hatimin kan dushe har lambar wata ta ɓace. Ka ɗauki hotonsa da waya kafin ka bar harabar. Wannan kwafin shi ne shaidarka duk ranar da aka ce ba a ga wasiƙarka ba.

Bayan an miƙa

Ofishin da ke riƙe da fayil ɗinka yawanci shawara yake rubutawa ya tura sama, amincewar daga can take fitowa, don haka abin yana ɗaukar lokaci. Ka riƙa bibiya a rubuce, kana ambaton ranar wasiƙar farko. A wannan tsakanin kada ka sake makara ko da na wata ɗaya ne, domin sabuwar makara tana rusa duk abin da ka rubuta game da gyara.

Ka sani kuma roƙo ba ya dakatar da karɓar bashi. Hukumar na da ikon umartar bankinka ya biya ta daga asusunka idan bashin ya tabbata, kuma takardar shaidar biyan haraji, wadda ba a samun kwangilar gwamnati sai da ita, tana iya maƙalewa. In akwai kwangilar da kake nema a gaba, ka auna: wani lokacin biyan 865,616 ɗin a karɓi takardar ya fi jiran yafiyar da ba a san ranar zuwanta ba.

Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu a hannu ya "share" maka tarar daga na'ura, ka rabu da shi. Yafiya ta gaskiya da wasiƙar hukuma take zuwa, mai lamba da sa hannu, kuma kowane kwabo ta lambar biya yake shiga asusun gwamnati. Abin da aka share ta bayan gida yakan dawo ranar binciken littattafai, da ruwan duk watannin da suka wuce. In jami'i ya matsa maka, ko wasiƙarka ta kwanta ba amsa, sababbin dokokin sun kafa ofishin mai karɓar koken masu biyan haraji, wanda aikinsa sauraron irin wannan ƙorafi ne, ko da yake ba shi ke yanke yawan harajin da ke kanka ba.

In amincewa ta fito, ka karanta sharuɗɗanta da kyau. Sau da yawa yafiyar ta wani kaso ce, tare da ranar da za a biya ragowar, in ranar ta wuce kuma yafiyar na iya faɗuwa. Ka biya, sannan ka koma asusunka a shafin hukumar ka tabbatar an sauke adadin da aka yafe. In har yanzu yana nan, ka kai kwafin wasiƙar amincewar ofishinku, ka nemi a daidaita asusun a ba ka shaida a rubuce, ka haɗa ta da rasit ɗin a fayil ɗin shekarar.